Yadda ake auna tarkon maiko na kicin ɗin gidan abinci, a saka shi, da lokacin kwashe shi

Duk mai gidan abinci a Jos da sokawe ɗinsa yake cika duk bayan wata huɗu ko biyar, ko sinki yake yi masa ƙugi ruwa yana dawowa da zarar hunturu ya shigo, to ba sai an yi dogon bincike ba, maiko ne. Manja, kitsen nama, man gyaɗan suya, romon ƙashi, duk suna bin ruwan wanke-wanke su shiga bututu da ɗuminsu, suna isa inda sanyi yake sai su daskare su manne a jikin bututun, wanda ya samu ya wuce kuma ya je ya liƙe bangon sokawe ruwa ya daina tsotsewa cikin ƙasa. Abin da ake sakawa a tare shi shi ne tarkon maiko, filamba suna ce masa giris tiraf. Aikinsa ba wani abu mai wuya ba ne: akwati ne da ruwa ke shiga ya ɗan tsaya, maiko ya taso sama tunda ya fi ruwa rashin nauyi, guntun shinkafa da tuwo su nutse ƙasa, sannan ruwan tsakiya ya fita. Amma duk wannan ba zai faru ba sai ruwan ya samu lokacin tsayawa, shi ya sa girman akwatin shi ne komai, kuma girman daga sinkinka ake fitar da shi da tef, ba daga abin da mai walda yake da shi a shago ba.

Kafin awo, duba inda ruwan ke bi

Ka tsaya a kicin ɗin da rana wajen ƙarfe 2 zuwa 3, lokacin da kwanuka suka taru, ka ga ina yaran ke zubar da ruwa. Wannan matakin mutane suna tsallake shi kuma shi ke ɓata aikin gaba ɗaya. A yawancin kicin ɗinmu sinki na faranti ne da cokula kawai, manyan tukwanen miya da kaskon suya a ƙasa ake wanke su cikin baho, a gama a tuntsurar da bahon a ramin ruwa na ƙasa. In haka kicin ɗinka yake, ka je ka sayi ƙaramin tarko ka maƙala a ƙarƙashin sinki, wallahi kuɗinka ka zubar, don maikon gaske ta ƙasa yake wucewa. Irin wannan kicin, babban tarko ake gina masa a waje, wanda zai karɓi ruwan sinki da na ƙasa duka.

Sannan ka san abin da ba ya shiga tarkon ko kusa: bututun bayi, ruwan wanka, da ruwan sama na kan rufi. In kana da injin wanke kwanuka shi ma kar a haɗa shi da ƙaramin tarko, ruwansa na da zafi sosai ga sabulu mai ƙarfi, zai narkar da abin da aka tara ya tura shi gaba.

Lissafin ƙarami na ƙarƙashin sinki

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce gidan abinci ne a wajen Farin Gada, shinkafa da miya, tuwo, sakwara, farfesu, sinkinsu mai gida uku. Ka ɗauko tef ka auna cikin gida ɗaya, ba bakinsa na waje ba: tsawo santimita 50, faɗi 45, zurfi 30. Ka ninka su, 50 sau 45 sau 30 ya ba ka 67,500, ka raba da 1,000 ya zama lita 67.5. Gida uku ke nan lita 202 da ɗoriya.

Amma ba wanda yake cika sinki har baki, kuma kwanukan da ke ciki sun cinye wani wuri, don haka ake ɗaukar kashi uku cikin huɗu kawai, wato a ninka da 0.75. Ya dawo lita 152. Wannan shi ne ruwan da zai afka wa tarkon in aka zare toshiyar gida ukun a lokaci ɗaya.

Saura tambayar minti nawa kake so ruwan ya gama sauka. Ana lissafi da minti 1 ko minti 2. Ni dai ga gidan abinci irin namu minti 2 nake ɗauka, ba wanda zai mutu don ya jira sinki minti biyu, kuma minti 1 zai ninka maka girman tarkon da kuɗinsa. To 152 raba 2, lita 76 a minti.

Waɗanda ake shigowa da su daga waje za ka ga an rubuta GPM a jikinsu, galan a minti ke nan, kuma galan ɗin nasu kusan lita 3.8 ne. 76 raba 3.8 ya ba ka 20 cif. Girman da aka saba yi su ne 10, 15, 20, 25, 35 da 50, kuma ƙa'idar ita ce in lissafinka ya faɗo tsakani ka hau na sama, ba a sauka. Nan tunda ya tsaya a kan 20 daidai ba sarari ko kaɗan, ni 25 zan ce a saya. Mai 20 yana riƙe maiko wajen kilo 18 kafin ya fara saki, mai 25 wajen kilo 23, kuma wannan bambancin kwana ɗaya ko biyu ne na hutu ga mai kwashewa.

Yanzu a ce Hajiya mai wurin ta ƙara babban sinki na tukwane, 70 da 60 da 40. Lita 168 ne, sau 0.75 ya zama 126. Haɗa da 152 na farko, lita 278, raba 2, lita 139 a minti, kusan GPM 37. Ka ga ya wuce 35, sai 50 ke nan, kuma mai 50 ƙato ne, da wuya ya shiga ƙarƙashin sinki ya bar wurin buɗe murfi. Daga nan maganar gaskiya gara a fita waje a gina.

In mai walda ne zai haɗa maka, ka sa ya yi da sitenles ba baƙin ƙarfe ba, domin maikon da ya kwana yana tsami yana cin ƙarfe, kuma ka tabbatar akwai kwandon tace abinci a mashiga, shamaki a tsakiya, da roba a bakin murfi. Wanda aka haɗa a gida ba wanda ya gwada shi ya ba shi lamba, don haka ka ba shi girma da hannu sake, ruwan cikinsa ya kai aƙalla na minti biyu na kwararar da ka lissafa.

Saka ƙaramin

Ka fara ajiye shi a wurin kafin a yanka bututu ko ɗaya, ka buɗe murfin ka zaro kwandon ka gani ko yana fita ba tare da ya bugi gindin sinki ba. In sai an kwance bututu kafin a buɗe shi, ba wanda zai riƙa wanke shi, wannan tabbas ne. In wurin ya yi kaɗan a ja shi gefen sinkin. Ya zauna daram a kan lebur, a sa ma'aunin ruwa na magina a duba, don in ya karkata ruwan ciki zai kauce wa tsayin da aka tsara shamakin a kai.

Duba mashiga da mafita da kyau kar a juya su, mashiga ita ce gefen kwando. Sinki ya kasance da lanƙwasar nan mai riƙe ruwa a ƙarƙashinsa saboda wari, bututun ya zama inci 2, ya gangaro zuwa tarkon ba tare da ya yi ciki a hanya ba. Sai wani ɗan ƙaramin abu da ke zuwa tare da na kanti, fulo kwantirol, mai ƙaramin rami a ciki da ke rage gudun ruwa zuwa adadin da aka rubuta a jikin tarkon. Filamba da yawa suna jefar da shi wai yana sa sinki jinkiri. Jinkirin shi ne aikinsa. A saka shi kafin mashiga, bayan inda bututun duka sinkunan suka haɗu, bakinsa na shan iska yana kallon sama a ja shi ya wuce tsayin bakin sinki. A sa yuniyan, wato mahaɗin bututu da ake iya kwancewa, a gefe biyu don a iya cire tarkon ranar da ake so. Bayan mafita kuma a ba layin bututun iska da zai fita waje, in ba haka ba ruwan da ke fita zai iya zuƙe na cikin tarkon har da maikon.

An gama, cika shi da ruwan sanyi, cika sinkunan duka, zare toshiya lokaci ɗaya kana kallon agogo. In ya sauka cikin kusan minti biyu, ba yoyo, ba ambaliya ta murfi, aiki ya yi.

Na waje, wanda ake ginawa

Shi wannan lissafinsa daban ne, ba gudun minti ake bi ba, ana duba yawan ruwan da kicin ke zubarwa a awar da ta fi kowace cunkoso. Ana so ruwa ya zauna a ciki aƙalla minti 30, ni kuma awa guda nake ba shi, saboda ruwan kicin ba a hankali yake zuwa ba, baho guda ake juyewa, ga shi yana zuwa da ɗumi yana buƙatar ya huce.

Mu koma kicin ɗin Hajiya. Sinkunan suna ɗaukar lita 278, a awar rana ana canza ruwansu sau biyu, lita 556. Ana juye bokitin fenti mai lita 20 kamar guda takwas a ƙasa wajen wankin tukwane da nama, lita 160. Ɗauraya a famfo a ce lita 80. Jimla wajen lita 800. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na wannan saboda wurin da maiko da laka za su mamaye, ya zama lita 1,000.

Ramin da zai ba ka haka a ciki: tsawo santimita 180, faɗi 70, zurfin ruwa 80, wanda ya ba da lita 1,008. Lura, zurfin ruwa na ce, wato daga daɓen ƙasa zuwa gindin bututun mafita, sannan a bar wajen santimita 30 na iska a sama kafin murfi. Dogo siriri ya fi mai kusurwa huɗu daidai, don tafiyar da ruwa ke yi daga wannan ƙarshen zuwa wancan ita ke ba maiko damar tasowa. In ka haɗu da dutse wajen haƙa, abin da ba baƙo ba ne a Jos, ka rage zurfin kaɗan ka ƙara tsawo, amma kar zurfin ruwan ya gaza 60.

Wurin da za a haƙa ya zama kusa da bangon kicin. A Abuja za ka iya ɗan ja da shi nesa ka tsira, amma a Jos da daren Disamba da Janairu manja da kitse tun a hanya suke kamawa, in ka ja bututu mita 15 to bututun ne zai zama tarkon. Ni ba na son ya wuce mita 6 zuwa 8. Bututu inci 4 na roba, gangara santimita 2 a kowace mita, ba gwiwa mai kaifi, in dole a juya a yi da gwiwa mai digiri 45 guda biyu, kuma a bar bakin sharewa mai murfi a inda bututun ya fito daga bango. Ka kuma kula kar ya zama ƙarƙashin tagar da kwastoma ke zama, ko kusa da rijiya.

A zuba kankare santimita 15 a ƙasa, a tashi bango da bulo inci 9 a cika ramukansa da kankare, a yi filasta mai santsi da simintin da aka sa wa maganin hana yoyo, a zagaye kusurwoyi don shebur ya iya kwasa. Katangar tsakiya ta raba shi gida biyu, na farko 120, na biyu 60, kaurin katangar daban ne kar a ci shi daga cikin awon. A bar ƙofar wucewar ruwa a jikinta wajen santimita 35 zuwa 40 daga ƙasa, wato tsakiyar ruwan inda ya fi tsabta, saman katangar kuma ya ɗara ruwa amma kar ya taɓa murfi don iska ta zagaya.

Sai bututun ciki, kuma a nan ne magina suka fi kuskure don su a ganinsu ƙaramin masai ne kawai. Mashiga ta fi mafita tsayi da santimita 5. A kan mashiga a sa ti, wato mahaɗin bututu mai siffar harafin T, ƙafarta ta nutse kamar santimita 30 cikin ruwa don ruwan da ke shigowa kar ya farfasa maikon da ya kwanta a sama. A kan mafita ma ti, amma ita ƙafarta ta fi tsawo, ta sauka har saura santimita 25 zuwa 30 ta taɓa ƙasa. Saman kowace ti a bar shi a buɗe sama da ruwa. In aka bar mafita bututu miƙaƙƙe ba ti, ruwan sama zai riƙa kwasa, wato maikon kansa, ka gina rami ne kawai na banza.

Murfi biyu, ɗaya a kan kowane gida, saitin ti ɗin don a iya zura sanda. Ya zama mai nauyin da yaro ba zai ɗaga ba amma manya biyu za su iya, kar a shafe shi da siminti. Bakin ramin ya ɗago santimita 10 sama da ƙasa saboda ruwan Yuli da Agusta, in ruwan sama ya samu hanya zai wanke komai ya kai sokawe a dare ɗaya. A ja bututun iska ya wuce rufi. Kafin a fara aiki da shi a cika shi da ruwa a yi alama a bar shi kwana guda, in ya sauka sosai akwai yoyo. Daga mafita ruwan ya tafi sokawe. Wanda yake cikin Abuja a unguwannin da ke kan babban layin da ke kai ruwa matatar Wupa, ya tuntuɓi hukumar kula da muhalli ta Abuja kafin ya haɗa.

Yaushe ake kwashewa

Kowa so yake a ce masa duk sati ko duk wata, amma mai sayar da shayi da ƙwai da mai farfesun ƙafar saniya ba za su yi kalanda ɗaya ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce ta kashi ɗaya cikin huɗu: in kaurin maikon sama da na lakar ƙasa, a haɗe, suka kai kashi 25 cikin 100 na zurfin ruwa, lokaci ya yi. A namu mai zurfin 80, santimita 20 ke nan. In ya wuce haka wurin ruwa ya ragu, ruwan yana wucewa da sauri, maiko ya fara bin sa ko da daga sama kana ganin kamar akwai sauran wuri.

Yadda za ka auna: samo sanda doguwa ka buga mata ɗan katako kamar tafin hannu a ƙarshe ya fito gefe. A gidan farko, huda maikon ka tura ta ƙasa, juya ta, jawo a hankali har ka ji katakon ya tokari maikon ta ƙasa, yi alama a saitin saman maikon, daga alamar zuwa katakon shi ne kaurinsa. Sai ka sake sauke ta a hankali har ka ji ta fara nauyi, nan laka ta fara, yi alama a saitin bakin rami, danna har ƙasa ka sake alama, tsakaninsu shi ne laka.

A ce bayan sati ɗaya da fara aiki Hajiya ta samu 3 a sama, 2 a ƙasa, 5 ke nan. A wannan tafiyar sati huɗu zai kai 20, don haka ranar kwasarta duk sati huɗu ce, in an ga dama a yi kafin ya cika. A auna sati biyu ko uku a jere kafin a yarda da lambar, a sake aunawa lokacin azumi da bukukuwan ƙarshen shekara da suya ke yawa. Ko da awo ya nuna bai kai ba kar ya wuce wata uku, laka tana ruɓewa tana cin siminti. In kuma ka ga yana kai 20 cikin sati ɗaya, ko tarkon ya yi kaɗan ko ana juye man suya a ciki.

Na ƙarƙashin sinki shi ba ya jira. Kwando kullum da dare, yaɗe maikon sama duk kwana biyu ko uku, wanki gaba ɗaya duk sati, gidan da ke suya sosai ma sau biyu. Da sassafe ake yi kafin a ɗora wuta, lokacin maikon ya daskare ana ɗaga shi kamar ƙanzo, kuma ba kwastoma da zai sha wari.

Wajen kwasar babban, a buɗe murfin duka a ja baya minti 15 iska ta fita. Kar kowa ya shiga ciki ko ya zura kai, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana sumar da mutum, in ta yi yawa ma hanci ya daina jin ta, kuma ba sigari ba ashana a wurin. Da safar hannu, a fara kwashe na sama da shebur ko kwano mai dogon hannu, a ɗebe ruwan, a kwashe lakar ƙasa tas, a kankare bango da cikin ti, a leƙa ko ƙafar ti ɗin mafita na nan don tana cirewa ta faɗa ba a sani ba. In motar kwasar masai ka kira, ka tsaya a kansu har ka ga daɓen ƙasa da idonka, wasu ruwan tsakiya suke zuƙa su bar maka na sama da na ƙasa. A ƙarshe a cika shi da ruwan sanyi har mafita kafin kicin ya fara aiki, in aka bar shi wayam maikon farko zai shige ta ƙasan ti.

Abin da aka kwaso a gauraya da garin katako ko toka, a ɗaure a buhu a ba masu shara, ba kwata ba, ba rafin Dilimi ba, kuma kar a ba wanda zai ce zai tace ya sayar.

Soda, asid, tafasasshen ruwa, fetur, duk kar a zuba da sunan wankewa. Narkar da maikon suke ya wuce gaba ya daskare a sokawe inda hannu ba ya kaiwa. Ruwan da ya wuce digiri 60 ma haka yake yi, don haka ruwan tatar shinkafa da taliya a bar shi a bokiti ya huce. A ajiye jarka ta tsohon man suya, a sa yara su share faranti da kasko cikin bokitin shara kafin su taɓa ruwa, wannan kaɗai yana ƙara kwanaki tsakanin kwasa da kwasa.

In sinki na jinkiri amma ka buɗe tarko ka ga ruwa a tsayinsa na kullum, toshewar tana tsakanin kicin da tarkon, ko a ramin fulo kwantirol. In ruwan ya hau ya rufe ti, matsalar a mafita take ko sokawe ya cika. In ruwan ya yi ƙasa da mafita da safe, yoyo ne. In kuma ka leƙa cikin ti ɗin mafita ka ga maiko na yawo a ciki, ko an makara da kwasa ko ana zuba ruwan zafi, sai a kwashe a sake awo bayan sati a ga wanne ne.